Inda Filinmu Ya Tsaya

Mama ta rasu a tsakiyar damina, cittarta tana kore shar a bayan gida. Muka kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa, a cikin garin Kafanchan, kamar yadda kowa yake yi, don a samu sararin sanar da dangi a tsai da ranar jana'iza. Ni ce babba, don haka komai a kaina ya sauka. Na taso daga Sabon Tasha ta Kaduna da jaka ɗaya da gwiwoyi biyu masu ciwo, na tarar da gidan cike da matan zumunta, kowace da shawararta.

Abu ɗaya ne ban yi zaton zai ba ni wahala ba, wato wurin kabari. Mama ta sha faɗa, da yarenmu da Hausa, cewa kusa da Baba za a kwantar da ita. Baba kuwa yana can ƙarshen bayan gida tun shekaru da dama, gab da shingen ƙerana, an yi wa kabarinsa siminti da tayil. A gefensa na hagu akwai wuri daidai mutum ɗaya. Ƙanena, wanda yake bi na, har ya buga icce huɗu a wurin don masu haƙa.

Gidanmu yana bakin gari ne, a hanyar Madakiya. Baba ya sayi filin lokacin yana aikin reluwe, wurin duk jeji. Wani abokin aikinsa ya sayi na bayanmu, amma bai taɓa ginawa ba. Aka yi masa canjin wurin aiki, ya tsufa, ya mutu, matarsa ta zauna a wani gidansu a cikin gari. Mu dai mun tashi mun ga shingen ƙeranan nan mai ƙaya da farin ruwa mai ƙona fata, mun san daga nan ba a wucewa. Bayansa ciyawa ce da awakin mutane. Gabansa gonar Mama ce.

Ɗan wannan abokin aikin Baba ya zo gaisuwa tare da sauran jama'a. Mutum ne mai sanyin magana, malamin asibiti a Kaduna, ya kusa sa'an ƙanena. Ya zauna ya sha kunu, ya zagaya bayan gida, ya ga iccen nan huɗu. Da zai tafi sai ya ja ni gefe.

"Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa a irin wannan lokaci. Kada a haƙa tukuna. Ina jin wurin nan a cikin namu yake."

Na dube shi na ce ban gane ba. Ya ce suna neman sabuwar takardar mallaka, ya ɗauko tsohuwar takardar safiyon babansu ya duba, tsawon filinsu a takarda ya fi abin da yake gani bayan shinge nesa ba kusa ba. Ya ce shi ma bai tabbata ba, shi ya sa yake roƙo a auna kafin a haƙa. Na ce masa na ji. Gaskiya ba don ina cikin baƙaƙen kaya ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba, don bakina ba shi da linzami, ɗalibaina na dā duk sun sani.

Ƙanena da ya ji sai ya hau sama. Ya ce ɓarawon fili ne, ya ce mutanen Kaduna haka suke, sun ga gari ya iso wurin ƙasa ta yi daraja. Ya manta ni ma a Kadunan nake. Na bar shi ya gama, na ce ya je ya ɗauko akwatin ƙarfen Baba.

Takardar safiyonmu tana ciki, a naɗe cikin leda, ta yi ruwan ƙasa. Na koyar da yara karatu har na yi ritaya, amma ban taɓa zama na karanta irin wannan takarda ba. Zane ne mai kusurwa huɗu, ba daidai suke ba. A kowace kusurwa akwai ɗan ɗigo da haruffa da lamba, a jikin kowane layi kuma lambobi iri biyu. Akwai kibiya mai nuna arewa, da hatimi, da sa hannun wanda ya auna. Ba mangwaro a ciki, ba rijiya, ba ƙerana, ba Baba. Na juya ta sama na juya ta ƙasa, kaina ya fara sarawa.

Ƙanena ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya kwafi wasu dogayen lambobi daga ƙasan takardar ya zuba a wayarsa, ya fita yana bin ɗigo. Na bi shi da ido ya tsallaka titi, ya wuce shagon mai faci, ya tsaya a tsakiyar masarar wasu mutane yana ɗaga waya sama. Ya dawo da laka har idon sawu ya ce takardar ta bogi ce. Na ce to, madalla, yanzu ba mu da fili ke nan gaba ɗaya.

Fasto ne ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu kira mai safiyo mai lasisi, wanda mu da su muka yarda da shi. Aka samo wani dattijo mai ofis a cikin gari. Bai zo fili nan take ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya karɓi takardarmu da ta maƙwabcin, ya ce sai ya je ofishin filaye ya ga kwafin da aka ajiye tun lokacin da aka auna, don takardar da ta kwana a akwati kowa zai iya taɓa ta. Na ce masa uwata tana cikin ƙanƙara. Ya ce ya sani, amma in ya auna da takardar da ba a tabbatar ba, aikin banza ya yi.

Haka muka zauna jira. An ɗaga ranar jana'iza. Dangin ƙauye suna bugo waya suna tambaya ko kuɗi ne babu, su faɗa wa ƙungiyar 'yan ƙauyenmu. Matan zumunta sun ɗinka anko sun gaji da tambaya. Kullum da safe in dafa wa baƙi shayi, in wanke kofuna, in sake dafawa. Da yamma in zauna a kujerar Mama in miƙe ƙafafu, in ji kamar an daka ni a turmi. Kuka ma ban samu sararin yi ba. Na gaji da gaisuwa, na gaji da amsa sannu, na gaji har da mutanen da suke ƙaunata.

Ranar da mai safiyo ya zo an kwana ana ruwa. Ya zo da kayansa a bayan mota da abokin aikinsa. Ɗan maƙwabci ya zo, ya tsaya nesa da ƙanena. Dattijon ya shimfiɗa takardun biyu a kan bonet ɗin motar, ya danne su da duwatsu, ya ce mu matso.

Ya ce duka biyun sun yi daidai da na ofis, ba wanda aka taɓa. Ya nuna mana ɗigon nan na kusurwa, ya ce kowanne turken siminti ne da aka binne a ƙasa, wanda mutane ke kira bikon, kuma lambar da ke takarda tana rubuce a kansa. Lambobin jikin layi, ɗaya tana faɗin inda za ka fuskanta in ka auna daga arewa, ɗayar tana faɗin mita nawa za ka yi zuwa turke na gaba. Ƙanena ya kawo maganar waya. Dattijon ya ce lambobin takardar nan da tsohon lissafi na Minna aka yi su, waya kuma da wani lissafin take aiki, in ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba za ta kai ka gonar wani.

Sai ya ɗora yatsa a layin bayan filinmu, ya ɗora wani a layin gaban nasu. Ya ce mu karanta lambobin turakun. Na sa tabarau na karanta. Iri ɗaya ne. Turaku biyun da suka rufe bayanmu su ne suka buɗe gabansu, ba ko taku ɗaya a tsakani. Ya ce aikin duka shi ne a nemo waɗannan biyun.

Aka fara daga gaba. Turken farko yana nan a bakin titi, gefen kwata, na sha zama a kansa ina yarinya ina jiran Baba ya dawo daga aiki. Aka kankare gansakuka lambar ta fito. Na biyu yana ƙarƙashin tulin itacen Mama. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya auna tsakaninsu, ya duba takarda, ya ce waɗannan biyun ba su motsa ba, za a iya dogara da su. Daga nan ya juya na'urar, abokin aikinsa ya ɗauki sanda mai madubi ya nufi bayan gida.

Na tsaya ina kallon mutumin nan yana tafiya. Ya wuce ɗakin girki, ya wuce rijiya, ya shiga cikin citta yana taka ciyawar da Mama ta shimfiɗa a kan kunyoyi. A raina ina cewa ci gaba, ci gaba, shinge yana can. Dattijon ya ɗaga hannu, mutumin ya tsaya. Ya ce ya matsa dama kaɗan, ya dawo baya kaɗan. A tsakiyar gonar yake, ko rabin hanyar zuwa shinge bai yi ba.

Ƙanena ya ce na'urar ta lalace. Dattijon ya ce a kawo fartanya. Aka tuge citta, aka haƙa kamar tsawon hannu, ƙarfe ya bugi wani abu. Aka share da hannu, ga siminti mai kusurwa huɗu, baƙi ƙirin da ƙasa. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na zuba ruwa a kai, na karanta lambar da kaina, na duba takarda, na sake karantawa. Ita ce.

Na ɗaya kusurwar ba a same shi ba, wataƙila ruwa ko garma ta tafi da shi tuntuni. Dattijon ya auno wurinsa daga takardarmu, ya sake aunowa daga ta maƙwabci, suka faɗa wuri ɗaya, ya buga ƙarfe. Aka ɗaure igiya daga turken zuwa ƙarfen. Igiyar ta raba gonar Mama biyu. Kabarin Baba yana can ƙetare, da tayil ɗinsa da gicciyensa da iccen nan huɗu a gefe.

Ƙanena ya je ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Shi ne ya nuna wa masu haƙa wurin lokacin rasuwar Baba. Ya zaɓi can ne don ya yi nesa da rijiya, kuma kowa ya yaba masa. Na tambayi dattijon ko akwai yadda za a yi. Ya ce shi nasa ya nuna iyaka ne, in masu fili sun yarda su yanke mana yanki, sai an sake aunawa, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, a kai ofis, kuma ba aikin mako ɗaya ko biyu ba ne. Ɗan maƙwabcin ya ce shi kaɗai ba zai iya ba da ko taku ɗaya ba, su magada suna da yawa, kuma tsohuwarsu tana raye. Ya ce in je in gan ta.

Na san tsohuwar. Duk shekara bayan an haƙe citta, Mama takan zaɓi masu kyau ta cika kwando, ta ɗaura zanen zumunta, ta hau mashin ta kai mata. Ko shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa sai da ta tsinto abin da ya tsira ta kai. Muna yi mata tsiya muna cewa wannan ƙawa taki ba ta taɓa kawo miki ko barkono ba. Sai ta ce mu rufe mata baki.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, idanunta sun yi fari-fari. Na gaishe ta na faɗi ko ni wace ce. Ta riƙe hannuna ta yi mini gaisuwar rashi da yarenmu, ta daɗe tana yi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ina ta kewaye-kewaye, abin da ba halina ba.

Ta ce ai ta san da maganar. Ta ce tun muna ƙanana Mama ta zo ta ari gaban filin don ta ƙara gona, mazajensu duka suna raye, aka ba ta. Shingen kuwa Mama ce ta dasa saboda awaki. A wajenmu wanda ya ari gona ba ya dasa itace mai daɗewa, kuma duk shekara yana kai wa mai ƙasa ɗan abin da ya noma, ko kaɗan ne, don kada a manta ta wane ne. Na san wannan al'ada sarai, na ga ana yi a ƙauye. Ban taɓa haɗa ta da kwandon Mama ba.

Na ce to me ya sa Mama ta bari aka binne Baba a wurin.

"'Yata, matar da mijinta ya mutu tana ɗaki a kan tabarma, mata sun kewaye ta. Wa ya tambaye ta? Da ta fito ramin yana haƙe, fasto ya buɗe littafi. Za ta ce a dakata?"

Ta ce bayan an share makoki Mama ta zo ta durƙusa mata tana kuka, ita kuma ta ce ta tashi, wanda ya kwanta ya kwanta, ba za a tashe shi ba. Suka bar maganar a tsakaninsu, ba su faɗa wa 'ya'ya ba don kada a yi faɗa. Ta ce zuwan Mama na ƙarshe da kwando, ta daɗe a zaune har rana ta yi sanyi, tana murza bakin zane.

"Na san abin da take so ta roƙa. Ba ta roƙa ba, ni ma ban taimake ta ba."

Na ce to ni ga ni na roƙa. Sannan ta ce kabari ɗaya kowa zai ce kuskure ne. In suka zama biyu, miji da mata, ba wani dattijo a ƙasar nan da zai yarda filin ba namu ba ne, ko takarda nawa aka nuna masa, kuma jikokinmu da nata ne za su ci wuyan juna a kai. Ta ce Baba zai zauna inda yake muddin tana da bakin magana, za ta sa 'ya'yanta su rubuta. Amma na biyu, in yafe mata.

Na so in ji haushinta, na nema ban samu ba. Ƙarfin ma babu. Wadda na ji haushi ita ce Mama. A kan mashin ina dawowa ina yi mata faɗa a raina, ina cewa kin san komai, kika bar mu da wasiyyar da kin san ba a hannunmu take ba. Sai kuma na tuna yadda take faɗin maganar, ba ta taɓa kallon idonmu ba, kullum tana tsintar wake ko tana gyara wuta. A nan ne kukan da ban yi ba ya zo, a bayan ɗan acaɓa, har ya rage gudu ya ce Mama lafiya.

Ƙanena ya ce a haƙa kawai, in sun isa su zo su tone. Na ce masa uwata ba za ta kwanta a wurin da za a yi shari'a a kanta ba. Wasu suka ce a kai ta ƙauye, wasu suka ce maƙabartar coci. Na ce a'a. Na sa aka sake kiran mai safiyo, na ce ya nuna mini daidai inda namu ya ƙare a saitin kabarin Baba. Ya nuna. Ya ce in bar ɗan sarari don ranar da za a yi katanga. Na cire iccen nan huɗu da hannuna na dawo da su wannan gefen igiya.

A nan muka binne ta, a tsakiyar cittarta. Matan zumunta suka yi waƙa da tulunansu, aka ci shinkafa, aka watse. Daga kanta zuwa Baba bai fi ka yi magana a hankali a ji ka ba. Baƙin da ba su san zancen ba suna ta tambaya don me aka bar tazara haka, na bar ƙanena ya amsa musu.

Cittar da ta saura na bar ta ta nuna. Da kaka na dawo na sa aka haƙe, har da ta ƙetaren igiya. Na zauna na zaɓi masu kyau kamar yadda na ga tana yi, na cika kwandon na kai cikin gari. Tsohuwar ta laluba ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ce a kai ɗaki.

Yanzu sun yi katangar bulo a kan layin, an tuge ƙeranan. Sun bar wata 'yar ƙofa ta ƙarfe a saitin kaburburan, mabuɗin yana jakata. Ba wanda yake noma a gidan kuma, ƙanena ya zuba 'yan haya. Tsohuwar ma ta bi Mama. Amma Baba yana nan kwance a ƙasar aro, don haka duk ƙarshen shekara ina sauka a Kafanchan in shiga kasuwa in sayi citta kwando ɗaya. Ɗan nata ya ce mini, "Anti, ki bar wahalar nan, ai an rubuta." Na ce ya karɓa kawai, ƙafafuna suna ciwo.